Jadawalin iko da muradi: da wa za a zauna idan gari zai haƙa rijiyar burtsatse?

Duk lokacin da wani aikin al'umma ya tsaya cik, ko dai rijiyar burtsatse ta daina ba da ruwa tun ba ta daɗe ba, ko ginin ɗakin shan magani ya maƙale saboda rigimar fili, tambayar da jama'a ke yi ita ce ko ba a tuntuɓi masu ruwa da tsaki ba ne. Masu aikin kuwa sukan amsa cewa an tuntuɓe su, har su nuna hoton taron da aka yi a ƙofar fadar dagaci. Sau da yawa duka ɓangarorin biyu gaskiya suke faɗa, domin an yi taron, amma waɗanda suka halarta ba su ne waɗanda aikin ya fi taɓawa ba, wasu daga cikin masu iya hana ruwa gudu kuma ko labari ba su ji ba. Kwamitin da ke tafiyar da aikin gayya ba shi da lokaci ko kuɗin da zai zauna da kowa daidai wa daida, don haka dole ya zaɓi wanda zai ba lokaci mai yawa da wanda saƙo ya ishe shi. Jadawalin iko da muradi hanya ce ta yin wannan zaɓin bisa hujja, maimakon a bar shi ga sabo ko ga wanda ya fi ɗaga murya.

Abin da jadawalin ya ƙunsa

Masana harkar gudanarwa ne suka fito da shi, kuma an fi danganta asalinsa ga Aubrey Mendelow, sannan Colin Eden da Fran Ackermann suka ƙara daidaita shi a 1998 zuwa siffar da ake koyarwa a yau. Zanensa ba ya buƙatar komai sai farar takarda ko allo. Ana zana murabba'i, a raba shi da layi ɗaya a tsaye da layi ɗaya a kwance, ya zama gida huɗu. Daga ƙasa zuwa sama ana auna iko, daga hagu zuwa dama kuma ana auna muradi. Wanda ya faɗa gidan sama na dama yana da iko yana da muradi, na sama a hagu yana da iko amma aikin bai dame shi sosai ba, na ƙasa a dama aikin ya dame shi ƙwarai amma ba shi da ta cewa, na ƙasa a hagu kuwa ba shi da ko ɗaya.

Ƙa'idar da ake koyarwa a taƙaice ita ce a yi aiki kafaɗa da kafaɗa da rukunin farko, a kiyaye gamsuwar na biyu, a riƙa sanar da na uku, a sa ido kawai a kan na huɗu. Wannan ƙa'ida an gina ta ne don kamfanoni masu kare ribarsu, kuma idan aka ɗauko ta yadda take aka ɗora a kan aikin al'umma takan yi ɓarna a gida na uku, kamar yadda za mu gani.

Yadda ake auna iko da muradi

Kuskuren farko shi ne ɗaukar iko a matsayin girma ko sarauta. A wannan jadawalin, iko yana nufin abin da mutum zai iya yi wa wannan aikin kaɗai, ba matsayinsa a gari ba. Ana gane shi da tambayoyi bayyanannu: idan wannan mutumin ya ce a'a, aikin zai tsaya? Akwai wani abu a hannunsa da ba za a iya yi ba sai da shi, kamar fili, ko kuɗi, ko sa hannu, ko sanin gyaran injin? Idan ya yi magana, mutum nawa ne za su bi? Hakimi ya fi mai unguwa daraja nesa ba kusa ba, amma a kan batun wanda zai riƙe makullin famfo, mai unguwa ne maganarsa ke aiki kullum.

Muradi kuma ba ya nufin goyon baya. Yana nufin yawan abin da mutum zai samu ko zai rasa, da kuma yadda hankalinsa ke kan aikin. Mutumin da sabuwar rijiya za ta kashe masa kasuwa muradinsa ya kai na wadda za ta huta da tafiya rafi, sai dai fuskarsu ba ɗaya ba ce. Shi ya sa yake da kyau a sa wa kowane suna alama a gefe, ta nuna ko mai goyon baya ne, ko mai adawa, ko wanda bai yanke ba tukuna, tun da jadawalin da kansa ba ya nuna haka.

Hanya mai sauƙi ita ce kowane ɗan kwamiti ya ba kowane rukuni maki daga 1 zuwa 5 a kan iko, da wani makin a kan muradi, shi kaɗai ba tare da ya ga na ɗan'uwansa ba, sannan a kwatanta. Inda maki ya zo ɗaya sai a wuce. Inda wani ya ba limami 2 wani ya ba shi 5, nan ne ya kamata a tsaya a yi magana, domin akwai abin da ɗayansu ya sani wanda sauran ba su sani ba. Haka kuma ba a rubuta rukuni mai faɗi irin "jama'ar gari" ko "gwamnati", domin a cikin jama'ar gari akwai masu riba da masu asara, a cikin gwamnati kuma kansila daban, injiniyan hukumar ruwa daban.

Misali: rijiyar sola a ƙauye mai mutum dubu

Mu ɗauka ƙungiyar ci gaban wani ƙauye a ƙasar Katsina, mai mutum kusan 1,000, ta samu tallafin haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da tanki mai cin lita 10,000 wanda zai iya cika sau biyu a yini idan rana ta yi kyau. Wato lita 20,000 ke nan, ko jarka 800 mai cin lita 25. Idan aka bi ma'aunin da hukumomin lafiya ke amfani da shi na aƙalla lita 20 ga kowane mutum a rana don sha da girki da ɗan tsafta, ruwan ya isa mutanen garin cif, ba rara. Wannan lissafin ne ke bayyana dalilin da ya sa wasu rukunonin da ba a cika tunawa da su ba suke da muradi mai ƙarfi. Saniya ɗaya takan sha jarka guda ko fiye a ranar zafi, don haka garken shanu 100 na rugar da ke bayan gari zai iya kwashe lita 2,500 zuwa sama, wato rubu'in tanki, a bazara, lokacin da tafkuna suka ƙafe kuma kowa ya dogara da famfon.

Da kwamitin ya zauna, jerin farko da zai fito shi ne dagaci, limamin Juma'a, kansila, ƙungiyar da ta ba da tallafi da ɗan kwangila. Idan aka sake tambaya wa ke ɗebo ruwa a yanzu, wa ke sayar da shi, kuma wa zai gyara injin idan ya lalace, sai jerin ya ƙaru da matan aure, 'yan mata da yaran da ke zuwa rafi, 'yan ga-ruwa, ardo da mutanensa, shugaban makarantar firamare, mai gyaran sola na kasuwar da ke kusa, da hukumar samar da ruwan sha a karkara ta jiha.

Dagaci da masu tallafi za su faɗa gidan sama na dama, domin ɗaya na riƙe da amincewar gari, ɗayan na riƙe da kuɗi, kuma dukansu sunansu na kan aikin. Hakimi, shugaban ƙaramar hukuma da hukumar ruwa ta jiha za su hau sama a hagu, saboda suna da garuruwa da yawa a gabansu, rijiya ɗaya ba za ta hana su barci ba, amma kowannensu na iya dakatar da ita. Mata, yara, 'yan ga-ruwa da makiyaya za su taru a ƙasa ta dama. 'Yan ƙauyukan maƙwabta da ke da nasu ruwan, da masu zuwa cin kasuwa, su ne na ƙasa a hagu.

Akwai mutum ɗaya da ba zai bayyana a zanen farko ba, alhali shi ne yake yawan tsayar da irin wannan aikin. A yankunan da ƙarƙashin ƙasarsu dutse ne, kamar sassa da yawa na Katsina da Kano da Kaduna, ruwa yana zama ne a tsagar dutse da inda dutsen ya rududduge, don haka ba inda gari ke so ake haƙawa ba, sai inda masu binciken ƙasa suka nuna, kuma a nesanta da masai da aƙalla mita 30. Ranar da na'urar bincike ta nuna gonar wani talaka a bakin gari, wannan manomin da makinsa na iko bai wuce 1 ba jiya ya koma 5 a yau. Idan kuma gonar ta gado ce da ba a raba ba, to ba mutum ɗaya ba ne, magada ne, har da mata da waɗanda ke ci-rani a Legas, kuma kyautar da babban wa ya yi da baki ba ta hau kan rabon sauran ba.

Mu'amalar da ta dace da kowane gida

Waɗanda ke sama a dama ba a kai musu shawarar da aka riga aka yanke, da su ake yanke ta. Wannan na nufin zama a kai a kai, da rubuta abin da aka amince a kai. Game da masu fili, abin da ke raba gardama shi ne takardar kyauta ko ta waƙafi wadda dukan magada suka sa wa hannu a gaban shaidu, da tambarin dagaci, a kuma kai kwafinta ƙaramar hukuma, tun da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi hurumin ba da izinin mallaka na gargajiya a filayen karkara. A yi wannan kafin motar haƙa ta shigo gari, domin bayan ruwa ya fito darajar wurin ta canza, kuma wanda ya yarda jiya yana iya samun mai zuga shi.

Na sama a hagu ba sa buƙatar dogon taro, kuma gayyatarsu kowane zama gajiyar da su ne kawai. Abin da suke buƙata shi ne kada su ji labari a bakin wani. Ziyara ɗaya ta ban girma ga hakimi tare da dagaci kafin a fara, wasiƙa mai shafi ɗaya zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, da sanar da hukumar ruwa wurin da za a haƙa da zurfin da ake sa rai, yawanci sun wadatar. Alamar cewa an yi sakaci da wannan gidan ita ce mutumin da bai taɓa tambayar aikin ba ya fara aiko da saƙon a dakata sai ya ga takardu. A lokacin ya riga ya tsallaka zuwa gidan dama a matsayin mai adawa, kuma dawo da shi ya fi sanar da shi tun farko tsada.

Gidan ƙasa na dama shi ne inda, a ganina, aikin al'umma ya sha bamban da na kamfani. Ƙa'idar ta ce a riƙa sanar da su, amma a aikin ruwa waɗannan su ne dalilin yin aikin, kuma su ne suka san abin da injiniya bai sani ba. Mata ne suka san lokacin da layi ke yin tsawo, da tsayin dakalin da yarinya za ta iya ɗaga bokiti daga kansa, da hanyar da ba za a bar budurwa ta bi da magariba ba. Idan garin na kulle ne ba za su zo taron ƙofar fada ba, kuma shirunsu ba yarda ba ne. Sai a kai musu taron inda suke, a makarantar Islamiyyar matan aure ko a gidan da ake adashi, ta bakin malama ko ungozoma, kuma a koma musu da amsa a kan abin da suka nema, ko an samu ko ba a samu ba. Abin da ya fi wannan shi ne a ɗaga su zuwa sama da gangan, ta hanyar ba su kujeru a kwamitin ruwa, musamman ta ma'aji, da haƙƙin sa hannu kafin a fitar da kuɗin gyara.

'Yan ga-ruwa suna cikin wannan gidan da alamar adawa, kuma adawarsu tana da dalili, domin abincinsu ne ake shirin taɓawa. Ɗaya ɗaya ba su da iko, amma su ne ke zagaya kowane gida da safe, kuma maganar da suka yaɗa a kan ɗanɗanon ruwan ko a kan inda kuɗin ke tafiya za ta riga ta kwamiti isa kunnen mutane. Mafita ita ce a ware musu kan famfo ɗaya da sa'o'in da layi ke raguwa, su riƙa biyan kuɗi ƙayyadadde a kan kowace kura, kuɗin ya shiga asusun gyara. Da haka gidajen da ke nesa suna ci gaba da samun mai kawo musu ruwa, su kuma lafiyar injin ta zama maslaharsu. Makiyaya ma haka: a zauna da ardo tun farko a kan ko za a gina kwamin shayarwa nesa da inda mata ke ɗiba, da lokacin shayarwa, da abin da za a biya a kan kowane garke. Idan lissafi ya nuna ruwan ba zai ɗauki shanu ba, gara a faɗa masa gaskiya yanzu a nemi wata dabara tare, da a bar maganar sai bazara ta kawo ta da faɗa.

Gidan ƙarshe ba ya cin lokaci. Shelar sanƙira ko sanarwa bayan sallar Juma'a ta isa, sai dai a tuna cewa idan rijiyar ƙauyen maƙwabta ta mutu, mutanensa za su koma gidan dama cikin dare ɗaya da jarkokinsu.

Abin da ya faru a Kano a 2003

Arewacin Najeriya ya ga sakamakon kuskuren auna iko a aikin da ya fi rijiya girma nesa. A 2003 an dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa bayan wasu malamai da shugabanni sun nuna shakku a kan lafiyar maganin, a yankin da mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Kano ba ta ci gaba da rigakafin ba sai a watan Yulin 2004, kuma a tsakanin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Masu tsara shirin sun fi mayar da hankali kan ma'aikatun lafiya da masu ba da tallafi, alhali ikon buɗe ƙofar gida yana hannun magidanci da malamin da yake saurara. Gyaran da ya biyo baya ya haɗa da kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko a 2009 ƙarƙashin inuwar Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, wato an mayar da sarakuna daga waɗanda ake kai wa gaisuwa zuwa waɗanda ake tsara aiki da su har matakin mai unguwa. A watan Agustan 2020 aka ayyana yankin Afirka a matsayin wanda ya rabu da asalin ƙwayar cutar.

Abin da masu suka ke cewa

Babbar sukar da ake yi wa jadawalin ita ce yana ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi, tun da yana koya wa masu aiki su ba masu iko lokacinsu su bar marasa iko da sanarwa. Masu kare shi suna cewa shi hoto ne na yadda gari yake, kuma wanda ya ƙi kallon inda iko yake zai ci karo da shi a tsakiyar aiki. Sukar tana da nauyi idan aka bi ƙa'idar a makance, kariyar kuma tana da nauyi idan kwamiti ya ɗauki cunkoson sunaye a gidan ƙasa na dama a matsayin aikin da ke gabansa. Jadawalin ba ya kuma nuna alaƙar da ke tsakanin mutane. Uwargidan dagaci ba ta da muƙami, amma tana iya sauya ra'ayinsa, mai gyaran sola kuma yana iya zama ƙanin kansilan da ke adawa da shugaban kwamiti. Irin wannan sai a ja kibiya daga suna zuwa suna, a nuna wa ke jin maganar wa.

Akwai kuma batun sirri. Takardar da aka rubuta cewa wani basarake ko malami "ba shi da iko" ko "mai adawa ne" tana iya haddasa rigimar da ta fi wadda ake gudu idan ta fita. Ya kamata zanen ya tsaya a hannun 'yan kwamiti, abin da ake nuna wa jama'a kuwa shi ne tsarin tuntuɓa: wa za a gani, wa zai je, yaushe, da wace magana.

Lokacin sake zane

Zanen da aka yi a farkon aiki ba ya kai wa ƙarshensa, kuma a aikin rijiya akwai lokutan da ya wajaba a sake shi. Na farko shi ne bayan binciken ƙasa, lokacin da masu fili ke hawa sama. Na biyu shi ne idan zaɓe ya ƙarato, domin kansila da ciyaman da ba su damu ba a da za su so sunansu a jikin tanki, kuma idan kwamiti ya bari aka shafa wa rijiyar fentin jam'iyya, rabin gari na iya ƙin biyan kuɗin gyara. Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne ranar miƙa aiki. Daga wannan rana masu tallafi da ɗan kwangila sun fita daga jadawalin gaba ɗaya, hakimi ya koma harkokinsa, iko kuma ya sauko hannun mutum uku da watakila ba a taɓa gayyata taro ba: mai riƙe makulli, ma'aji, da mai gyara. Saboda haka kafin ɗan kwangila ya karɓi cikon kuɗinsa, a tabbatar ya nuna wa mai gyaran garin yadda aka haɗa injin da farantan sola, ya bar wa kwamiti takardar da ke nuna zurfin rijiyar da irin injin da aka zura, kuma an riga an yanke a gaban mata da 'yan ga-ruwa da ardo nawa za a riƙa karɓa a kan jarka, da wanda zai riƙa karanta wa gari lissafin asusun kowane wata.